Harshen damo a waƙa: abin da kunne ke iya kamawa a ji ɗaya

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ni matashin mawaƙi ne, ina son saka kalmomi masu harshen damo a baitocina. In na tura wa abokai a rubuce sai su yi ta yabawa, amma da na rera aka saki waƙar, ba wanda ya lura sai na tsaya na yi bayani. Ina gizo yake saƙar?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Takarda ce ta yaudare ku, kai da abokan naka. Rubutun boko da muke yi da Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, alhali da waɗannan biyun kunnen Bahaushe yake rarrabe kalmomi. Ka rubuta "gari" sau biyu, ido zai ga abu ɗaya. Ka faɗa da baki, garin da ake zama a cikinsa wasalinsa na farko gajere ne, garin tuwo kuwa dogo ne, kuma ko yaron da bai shiga makaranta ba ba zai ruɗa su ba. Haka "kuka": na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, na miya kuwa ya fara a sama ya sauko. Haka "wuya": wanda ake rataya sarƙa a kansa sauka yake yi, na wahala hawa yake yi. Masu rubutun ajami sun ɗan fi mu tsira a nan, domin su suna nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, ko da yake su ma ba sa nuna kari. To duk wasan da ka gina a kan irin waɗannan kalmomi, ka gina shi ne a kan kamar da ke cikin haruffa kawai. Da ka buɗe baki dole ka zaɓi ɗaya, ɗayar kuma ta tafi ke nan.

Saboda haka kafin ka ɓata lokaci a kan kowane baiti, ka rufe littafin ka faɗi kalmar da ma'anarta ta farko a cikin jimla, ka sake faɗinta da ta biyu a wata jimlar, da muryar hira ba ta waƙa ba. In ka ji bakinka ya canza wani abu, ko da ɗan ja ne ko ɗan sauke murya, to kalmomi biyu ne masu kama da juna. Ba a yar da su ba, akwai aikin da suke yi, amma ba aikin da kake nema ba ne.

Malaman balaga sun raba abin gida biyu, rabon kuma yana da amfani ga mai rerawa. Akwai jinasi, inda ake faɗin kalmar sau biyu, kowace faɗa da tata ma'ana. Akwai tauriyya, inda ake faɗin ta sau ɗaya tak ta ɗauki ma'ana biyu, ta kusa da ta nesa. Kalmomi masu kama da juna a jinasi suke aiki, saboda kunne ya ji duka biyun ya auna su da kansa. In na ce "sarƙa a wuya, so da wuya", na sauke murya a ta farko na ɗaga a ta biyu, kowa ya ji, bambancin karin ma shi ne daɗin abin. Wannan shi ne mai sauƙi, kuma da wuya ya faɗi ƙasa banza. Tauriyya ita ce harshen damo na ainihi, ita ce kuma take mutuwa a bakin matasa, domin tana bukatar sauti ɗaya wanda ba ka canza masa komai ba.

Ina ake samun irin wannan sautin? Mafi yawa ba a cikin kalmomin da suka yi karo da juna bisa tsautsayi ba. Ana samunsa ne a kalma ɗaya da Hausa ta shimfiɗa ta ta yi rassa, musamman a maganganun da aka saba da su har aka manta asalinsu. Ruwa na sha ne, na sama ne, na bashi ne, ga "ba ruwana", ga "ruwan ido", ga "ruwan dare". Rana ta sama ce, ta kalanda ce, ga "sa rana" ta aure, ga "ya yi min rana". Baki, ido, hannu, ci, sha, duk haka suke. A nan ba ka da fargabar kari, tunda kalmar ɗaya ce. Kuma akwai wata riba da ta fi wannan: mai sauraro ya riga ya haddace maganar tun yana ƙarami, ba sai ya yi wahalar fahimtar ma'anar farko ba. Hankalinsa a sake yake, yana da sararin da zai kama ta biyu.

Bari mu ɗauki ɗaya mu bi ta daki-daki. A ce waƙar soyayya ce, saurayi yana kukan budurwa ta yi biris da shi, kana son yin wasa da "ba ruwanki". Yadda yawanci ake fara rubuta shi ke nan:

Ba ruwanki da ni, haka kika ce,
Ni kuwa na zo da tuluna.

A rubuce ba laifi. Mai karatu zai kai kan "tulu", idonsa ya koma sama ya ga "ruwa", ya yi murmushi. Mai sauraro ba shi da wannan damar. Shi kamar mutum ne a bakin titi mota ta gifta shi, abin da ya gani a lokacin shi ke nan. Sa'ad da ya ji "ba ruwanki da ni" ba a ba shi wani dalili na tunanin ruwan sha ba, don haka ya ajiye maganar a ma'anarta ta kullum ya wuce. Kafin tulu ya iso an rufe wancan babin, kiɗa kuma ya ja shi gaba.

Akwai aibi na biyu da ya fi ɓoyuwa, wato "da ni". Wannan ɗan ƙarin ya kulle ƙofar ma'ana ta biyu gaba ɗaya. "Ba ruwanki" kaɗai tana iya zama rashin kulawa, tana iya zama randa ce ba komai a ciki. "Ba ruwanki da ni" kuwa hanya ɗaya ce da ita. Sau da yawa abin da ke kashe harshen damo ba kalmar ba ce, maƙwabciyarta ce da aka saka don cike ma'aunin waƙa. Ga yadda zan juya shi:

Na ɗau tulu na biyo sawunki,
Ƙishirwa ta kawo ni ƙofarki,
Na miƙa moɗa ina roƙonki,
Sai kika ce da ni ba ruwanki.

Duba abin da aka yi. Ɗango uku na farko shimfiɗa ce: tulu, ƙishirwa, moɗa. Kowannensu yana nuna ruwa da yatsa, amma ba a ambaci ruwan ba ko sau ɗaya. Wannan da gangan ne. Kana so kalmar ta riƙa yawo a kan mai sauraro ba tare da ta fito ba, yana jiran ta bai san yana jira ba. In ta zo a ƙarshe, sai ta zo masa cikin rigar wata magana da ya sani, ma'anonin biyu su sauka tare. Da na ce "na zo neman ruwa" a ɗango na biyu, da wasan ya koma jinasi, zai yi aiki amma rabin daɗin ya zube. Ka lura kuma "da ni" tana nan, sai dai ta koma bayan "ce", inda ba ta taɓa kalmar da muke tattali.

Amsa-amo ma yana taya ka aiki a nan. Sawunki, ƙofarki, roƙonki: kafin ɗango na huɗu kunne ya san abin da zai rufe baitin da "ki" zai ƙare, ya miƙe yana sauraron wurin. Shi ya sa gurbin ƙafiya ta ƙarshe ya fi kowane gurbi tsada a baiti, kuma a nan ya kamata kalma mai harshen damo ta zauna. In ka binne ta a tsakiyar ɗango, tsakanin kalmomi biyu da ake gudu a kansu, ko mai kunnen maciji ba zai tsince ta ba.

Wani zai ce me ya sa na ce "ƙishirwa" ban ce "ƙishi" ba, tunda ta fi gajarta. Dalili shi ne "ƙishi" tana da 'yar'uwa mai kama da ita, "kishi", kuma waƙar soyayya ce, inda kunne yake a shirye ya ji kishi ko ba a faɗa ba. Abin da ya raba su shi ne ƙ da k, da tsawon wasalin farko, da kari. In rauji, wato muryar da ake rera waƙar da ita, ya ja gaɓar farko, ganga kuma ta faɗo daidai kan baƙin, sai a ji "kishi ya kawo ni ƙofarki", shimfiɗarka ta rasa ƙafa ɗaya, labarin ma ya karkace. Ga kuma masu sauraro a zangunan Kumasi da Akara, waɗanda da yawansu ba sa rarrabe ƙ da k a magana. Ƙa'idar a nan ita ce kalma ɗaya ce kawai a baiti aka yarda ta yi harshe biyu. Sauran dole su zama masu fuska ɗaya, tsaf, don su riƙe ta.

Sai maganar numfashi, wadda masu rubutu a takarda ba sa tunawa da ita sam. Ma'ana ta biyu ba ta isowa tare da sautin, tana biyo bayansa da ɗan jinkiri. In ka afka cikin sabon ɗango nan take, sabbin kalmomi za su taka ta. Ka yi lissafi: waƙar da ke tafiya a bugu 100 a minti ɗaya, kowane bugu daƙiƙa 0.6 ne, gida mai bugu 4 kuwa daƙiƙa 2.4. Bayan "ba ruwanki" ka bar aƙalla bugu 2 ba kalma, in da hali ka bar gida guda, kiɗa ya yi magana shi kaɗai. Makaɗan baka sun daɗe da samun wannan a ɓagas. Jagora ya jefa magana, 'yan amshi su karɓa da gindin waƙa, wanda kowa ya riga ya sani ba ya bukatar tunani, a cikin wannan tazarar ne 'yan kallo suke tauna abin da aka faɗa, a nan ake jin shewa. Kai da kake aiki a situdiyo sai ka ƙera wannan tazarar da hannunka. In ka so, 'yan amshinka su maimaita kalmomi biyun ƙarshe kawai, "ba ruwanki", sau ɗaya. Wanda ya kama a karon farko ya ji daɗi, wanda bai kama ba ya sami dama ta biyu.

Abin da ba za ka yi ba shi ne bayani. Na sha jin waƙoƙi inda mawaƙi ya yi wasa mai kyau, sai tsoro ya kama shi, ya biyo da ɗango mai cewa ai ruwan da yake nufi na so ne. Mai sauraro yana son ya ji shi ya gano da kansa, in ka rigaye shi ka ƙwace masa rabonsa.

Za ka iya komawa rijiyar nan a wani baiti can gaba, amma da sharaɗi. A ce kana son ka nuna yarinyar samari ne suka yi mata yawa ta kasa zaɓe, wato ruwan ido. A rubuce za ka iya cewa "ashe akwai ruwan, na ido ne", mai karatu ya haɗa gutsattsarin da kansa. Kunne ba ya yin wannan ɗinkin cikin gudu. Maganar da aka saba da ita a dunƙule ake gane ta, in ka raba ta biyu ta zama baƙuwa. Ka ce "ba ruwan tulu, sai ruwan ido", ka bar ta yadda uwa ta haife ta. Kuma kada ka jera su kusa da kusa. Ni a ganina wasa ɗaya a baiti ya isa, biyu ko uku masu nauyi a waƙa guda sun wadatar. In suka fi haka mai sauraro ya daina bin labari ya koma farauta, waƙar ta zama kacici-kacici.

Yanzu ga wanda ya fi wannan wuyar sha'ani, shi ne kuma ya fi burge ni, domin a nan rauji da kansa yake shiga cikin ma'ana. Ɗauki "sai da kai". "Sai da" ta sharaɗi, kamar a "tafiya sai da guzuri", da "sai da" ta sayarwa, kamar a "ya sai da gonarsa", sautinsu ɗaya ne sak. Bambancin yana kan "kai". Kai na wanda ake magana da shi a sama yake tsaye. Kai na jiki, wanda kuma ake cewa "kansa" da shi, faɗau ne, ya fara a sama ya zube. Ke nan "sai da kai" da murya a miƙe yabo ne, ba a yi sai kana nan. Da murya mai faɗuwa kuwa zambo ne, sayar da kai. Bisa gwajin da na ba ka a farko waɗannan kalmomi biyu ne, ya kamata a ce ba su yi tauriyya ba. Amma tazarar da ke tsakaninsu siririya ce ƙwarai, gaɓa ɗaya ce, kuma mawaƙi yana da ikon da mai magana ba shi da shi, shi yake zaɓar inda muryar za ta tsaya.

A ce habaici kake yi wa wani jigo da aka saye da kuɗi lokacin zaɓe, ba ka son kama suna:

Kasuwar bana ta cika ta batse,
Dillalai sun iso da jakunkuna,
Ana tayi, ana sallamawa,
Maigida, cinikin nan sai da kai.

Shimfiɗar ita ce kasuwa da dillalai da tayi da sallamawa, kuma a nan ma ba a furta "sayarwa" ba. In ka cire shimfiɗar ka rera "sai da kai" a waƙar yabo zalla, ko ka sauke muryar ba mai jin zagi, domin ba abin da ya karkata kunne can, za a ɗauka saukar ƙarshen ɗango ce kawai. Kari shi kaɗai ba ya ɗaukar wasa a cikin waƙa, rauji yana yawan murɗa shi har kunne ya saba yafewa. Shimfiɗa ce take sa a ji saukar a matsayin magana.

Yadda zan rera shi kuwa, in ɗangon shi ne gindin waƙar: a zagaye na farko da na biyu in riƙe "kai" a sama, a miƙe, kamar mai kirari. Masu kaifin kunne za su fara zargi saboda dillalan, amma ba su da hujja. A zagayen ƙarshe sai in ba gaɓar murya biyu, sama sannan ƙasa, in bar ta ta faɗi a fili, kiɗa ya ɗauke na bugu biyu. In kana da makaɗin kalangu ma akwai hanyar da ta fi wannan wayo. Kalangu yana bin hawa da saukar magana saboda matsa tsarkiyar da ake yi a hammata, to kai ka riƙe taka muryar a miƙe har ƙarshe, shi ya amsa maka da gaɓoɓin nan uku ya sauke ta ƙarshe. Bakinka bai zagi kowa ba.

A nan ne ya kamata ka zauna kusa da mai haɗa maka sauti. Manhajar gyaran murya irin Auto-Tune aikinta ta jawo murya ta dasa a kan sautin da ya fi kusa. In aka sa saurin gyaranta, wato Retune Speed, a kan 0, duk wata gangara da murya ta yi a hankali za a datse ta, ko ta miƙe ko ta koma tsalle. Faɗau ɗin da ka yi wahalar shiryawa zai iya ɓacewa ba ka sani ba. Ka ce masa ya sassauta ta a kan wannan gaɓar, ko kuma ka rubuta saukar a cikin raujin kanta, sauti biyu mabambanta masu tazara, yadda manhajar ba za ta ga kuskure ba balle ta gyara. Haka kuma kada a tara muryoyi uku ko huɗu a kan kalmar, kada a cika mata amsa-kuwwa, kada tafi ko ganga mai kaifi ta faɗo daidai kan baƙinta na farko. A wannan wurin murya ɗaya ake so, a bushe, a gaba.

Akwai gwajin nahawu da nake yi wa kowane irin wannan ɗango. Ka cire maganar mai harshe biyu ka sa fassararta ta farko a fili, ka ga ko jimlar ta tsaya, sannan ka sa ta biyu. "Cinikin nan ba ya yiwuwa in ba ka" ta tsaya daram. "Cinikin nan sayar da mutunci" ta tsaya, ko da yake a hira da mun ƙara "ne". A waƙa ana yafe wannan "ne" ɗin, kuma dole ka bar shi a waje, don da ka ce "sai da kai ne" yabon ya raunana, zambon ya fito tsirara. In ɗaya daga cikin jimlolin biyu ta gurgunce har sai an yi mata ciko, to ma'anar nan a kanka kawai take, ba ta cikin baitin.

Wannan ya kawo mu kan ma'anar sama, wadda matasa suke rainawa. Dole waƙar ta cika ta gamsar ko ga wanda bai gano komai ba. Baitin tulu labari ne cikakke na wanda aka wulaƙanta a ƙofar gida, baitin kasuwa kirari ne cikakke. Wanda ya ji ɗaya bai yi asara ba, wanda ya ji biyu ya sami gyara. Matan amada, irin su marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, sun ƙware a wannan. Ana kiɗan ƙwarya a cikin gida, yara suna wurin suna jin zancen abinci ko sana'a ko kayan ɗaki, manyan mata kuma suna jin wani zancen daban suna guɗa. In ma'anar sama ta zama fanko, ba ta da wani aiki sai rufe ta ƙasa, kowa zai gane mayafi ne, kuma in abin ya shafi batsa ba za ta kare ka a gaban jama'a ba, balle a gaban hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda take duba waƙoƙi ma.

Ka kuma juya kunnen ta ɗaya gefen, ka nemi harshen damon da ba ka gayyata ba. Ƙarshen ɗango wuri ne da murya ke son sauka da ja, saboda haka kalmar da ke hawa a magana takan juye a can. "Na sha wuya" in aka sauke ta sosai tana karkata zuwa wuyan jiki, sai dai "sha" takan cece ta. "Gari" na zama in rauji ya ja gaɓarsa ta farko ya koma na tuwo. "Ƙashi" in ƙ ta narke a cikin kiɗa aka kuma ja wasalin, ka san abin da ya zama, kuma 'yan gari ba sa yafe irin wannan, da shi za a riƙa tuna waƙar. Aikatau irin "ci" ma ka duba abin da ka sa a gabansa da kyau. Dabarar gyara ba ta da wuya: ko ka canza raujin ya bi karin kalmar, ko ka matsar da kalmar daga ƙarshen ɗango, ko ka kawo wadda ba ta da abokiyar ruɗani. Wannan matsalar ta fi addabar masu fara ƙera kiɗa sannan su zuba kalmomi a kai, kamar yadda ake yawan yi a waƙoƙin nanaye. Wanda ya fara da faɗin baitin da baki ya bar raujin ya tsiro daga karin maganar, kaɗan ne daga wannan yake samunsa.

Gwajin ƙarshe ba a situdiyo ake yin sa ba. Ka ɗauki waƙar ka sa a lasifikar waya, ba a abin kunne ba, tunda a waya da shagon mai caji da cikin adaidaita sahu mafi yawan mutane za su ji ta. Ka nemi mutum biyar da ba su taɓa ganin baitocin a rubuce ba, kada su zama abokan nan naka, a ciki a sami mace, a sami wanda ya girme ka, in da hali a sami mai wani karin harshen, Basakkwace ko Badamagare. Ka kunna sau ɗaya tak, kada ka ce akwai wani abu a ciki. Ka kalli fuskokinsu a daƙiƙa biyun da ke bayan kalmar. Sannan ka tambaye su abin da aka ce a baitin, da bakinsu.

Amsarsu za ta nuna maka inda ciwon yake. In sun kasa maimaita kalmar daidai, laifin furuci ne ko na haɗa sauti, ka koma situdiyo. In sun maimaita ta daidai amma ma'ana ɗaya suka ji, shimfiɗa ce ta yi kaɗan ko ta yi nisa, ka matso da ita ɗangon da ke daf da kalmar. In sun ce sun ji kamar akwai wani abu amma ya wuce su, numfashi ne bai isa ba, ka ƙara bugu biyu. In kuwa sun faɗi kalmar tun kafin ka iso ta, shimfiɗar ta yi yawa, ka cire ɗaya daga ciki, a baitinmu moɗa ce za ta fara tafiya. Uku daga cikin biyar in sun kama a ji ɗaya, ka bar baitin haka. Ɗaya ne kawai ya kama, ka sake gini. Ba ko ɗaya, kuma ka gyara duk abubuwan nan bai canza ba, ka mai da shi jinasi ka faɗi kalmar sau biyu, ko ka cire shi ka ajiye don rubutacciyar waƙa.